Ramuwar azumi: wanda wani Ramadan ya riska da bashi a kansa, da wanda ciyarwa ta isar masa

Abdulhadi: Assalamu alaikum. Malamai, ga mas'ala ina neman a warware mana ita da lissafi. Mutum ya sha azumi 15 a Ramadan, 12 saboda jinya, 3 saboda tafiya. Ya warke sarai bayan sallah. A Muharram ya rama 5, saura 10, ya ce zai ƙarasa a Sha'aban. Bai fara ba har 24 ga Sha'aban, ranar kuma ciwo ya sake kwantar da shi, bai tashi ba sai da aka ga watan Ramadan. Me ke kansa yanzu? Ramuwa kawai, ko ciyarwa kawai, ko duka biyun? In akwai ciyarwa, ta kwana nawa?

Nura Ɗan'azumi: Wa alaikumus salam. Ai tunda wani azumin ya riske shi, lokacin ramuwa ya wuce. Ya ciyar da miskini 10, mudu ɗai-ɗai, shi ke nan ya sauke nauyi.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Nura, ka kama wani ɓangare, amma inda ka ce lokacin ramuwa ya wuce akwai gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Ramuwa ba ta faɗuwa daga kan mutum don wani Ramadan ya shigo, ko da Ramadan goma ne suka wuce. Allah ya faɗa a Baƙara, aya ta 184 da ta 185, cewa wanda yake maras lafiya ko yake kan tafiya sai ya biya adadin a wasu kwanaki. Bai sa wa wannan bashi ranar da zai mutu ba. Muddin mutum yana da ikon yin azumi, kwanaki 10 ɗin nan suna wuyansa, zai azumci Ramadan ɗin da ya shigo, bayan sallah ya rama su.

Abin da ke rikita mutane shi ne ciyarwa iri biyu ce, sunan ne kawai ɗaya. Akwai wadda take maye gurbin azumi, wannan ta tsoho ce tukuf da maras lafiyar da ba a sa ran warkewarsa. Akwai kuma wadda take zuwa tare da ramuwa saboda sakaci, wadda Malikawa ke kira ƙaramar kaffara. Mutumin Abdulhadi a ta biyun yake, idan ma ta hau kansa. Duk wanda ya ɗauki hukuncin ta farko ya ɗora a kan ta biyu, zai fitar da hatsi ya zauna, alhali azumin yana nan bai motsa ba.

Abdulhadi: Allah ya gafarta Malam, na fahimci wannan. To ta kwana nawa ce? Don shi yana cewa ai ciwo ne ya hana shi, ba sakaci ba.

Malam Habibu: A nan ne amsar ta rabu, kuma gara a san yadda kowa ya yi lissafinsa.

A wurin Malikawa ba duk shekarar ake dubawa ba. Jinkirta ramuwa halal ne har zuwa lokacin da abin da ya rage na Sha'aban ya yi daidai da adadin bashin. Hujjar da ake kafawa ita ce maganar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa azumi kan kasance a kanta ba ta samun damar ramawa sai a Sha'aban. Saboda haka wanda ake bi kwana 10, kwanaki 10 na ƙarshen Sha'aban ne lokacin ya ƙuntata a kansa, kuma a cikinsu ake auna sakacinsa.

Mu ɗauka Sha'aban ya cika 30. Goman ƙarshe daga 21 ne zuwa 30. Mutumin yana da lafiya, yana gida, a ranakun 21 da 22 da 23, bai yi azumi ba. Daga 24 zuwa 30, kwana 7 ke nan, yana kwance. To sakacinsa na kwana 3 ne, zai ba da mudu 3 ga miskinai 3, ya rama 10 cif. In kuwa Sha'aban 29 ya yi, goman ƙarshe sun faro daga 20, kwanakin ciwo sun zama 6, na sakaci sun zama 4, sai ya ba da mudu 4. Da a ce ciwon ya kama shi tun farkon goman nan bai sake shi ba, babu ciyarwa ko ta ƙwaya ɗaya, ko da ya shafe wata goma kafin nan garau yana gida.

Shafi'awa ba haka suke lissafi ba. Su abin da suke tambaya shi ne, tsakanin Ramadan biyun nan ya taɓa samun kwanakin da yake lafiya, ba ya tafiya, waɗanda za su ishe shi ramawa? Mutumin nan ya samu ninkin ba ninki. To mudu 10 ne a kansa tare da ramuwa 10. Hanafawa kuma suka ce ramuwa ce kaɗai, babu ciyarwa, domin ayar ba ta ambaci komai ba sai biyan adadin kwanaki. Waɗanda suka wajabta ciyarwar sun dogara ne da fatawar sahabbai irin su Ibn Abbas da Abu Huraira, ba hadisi ne ingantacce daga bakin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Shi ya sa saɓanin yake da ƙarfi, ba wanda za a ce ya yi magana da ka.

Ni dai abin da nake ba da shawara, wanda ke da hali ya fitar da goman, ya fita daga saɓani, mudu 10 ba wani abu ne mai karya mutum ba. Wanda ba shi da hali ya tsaya a kan ukun, hankalinsa kwance.

Hajiya Balaraba: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni inda ban gane ba, ta yaya mutum zai yi wata goma yana wasa da bashi, sannan don ciwo ya zo masa a makon ƙarshe a ce ba shi da laifi? Ai kamar an ba masu sakaci ƙofa ne.

Malam Habibu: Hajiya, tambayarki a wurinta take, kuma ita ce ta sa Shafi'awa suka tafi inda suka tafi. Amsar Malikawa ita ce, ba a kama mutum da laifin abin da shari'a ta ba shi dama a kai. Kamar mai sallar Azahar ne da bai yi ta a farkon lokaci ba, yana da niyyar yi kafin lokaci ya fita, sai ya suma. Ba a ce masa mai sakaci, don lokacin nasa ne. Amma kowa ya yarda gaggauta ramuwa ya fi, kuma wanda ya san ciwonsa mai dawowa ne, ya kai kansa har bakin Sha'aban, ya yi wa kansa ganganci ko da hukunci bai kama shi ba.

Ummu Khalil: Ina so in ƙara wani abu kan yadda ake bayarwar, don a nan ma ake yawan kuskure. Mudun da ake magana shi ne mudun Annabi, cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba a dunƙule ba, ba a baje ba. Huɗunsa ne sa'i ɗaya da ake zakkar fidda kai da shi. Kada a ɗauko kowane kwano don an ji ana kiransa mudu. Kuma awo ne na cika ba na nauyi ba, shi ya sa in aka ɗora a sikeli nauyin yakan bambanta daga wannan hatsi zuwa wancan, malamai ma ƙiyasinsu ya bambanta, daga rabin kilo da ɗoriya zuwa kusan giram 750. Wanda ya ba da giram 750 a kan kowace rana ya wuce shakka. Ana bayarwa daga abincin da mutanen wurin suka fi ci.

Na biyu, a wurin Malikawa kowane mudu da miskininsa. Idan ka haɗa mudu 3 na bashin Ramadan ɗaya ka ba mutum ɗaya, ɗaya aka lissafa maka, biyun sun zama sadaka, sai ka sake. Shafi'awa sun yarda a tattara a ba mutum ɗaya, abin da ba su yarda da shi ba shi ne a raba mudu ɗaya tsakanin mutum biyu. Gidan da ke da mabuƙata da yawa yana warware wannan, a lissafa da kawunansu.

Na uku, lokacin bayarwa. Ba a fitar da ita a Rajab ko farkon Sha'aban da sunan ai na san ba zan iya ramawa ba, don lokacin ba ta wajaba ba tukuna. Bayan Ramadan na biyu ya shigo take tabbata, kuma an fi so a bayar tare da ramuwar, duk ranar da aka rama a fitar da mudunta, ko a haɗa bayan an gama. Sannan ba a ba wanda ciyar da shi dole ne a kanka, kamar matarka da ƙananan 'ya'yanka.

Nura Ɗan'azumi: Na karɓi gyara. Amma in shekara uku ta wuce bai rama ba fa? Na ji an ce mudun ninkuwa yake duk shekara.

Ummu Khalil: Wannan maganar Shafi'awa ce, a wurinsu kwana 10 da aka yi wa sakaci shekara 3 mudu 30 ne. Malikawa da Hambalawa ba sa ninkawa, 10 ɗin ce ko shekara nawa aka yi. Ramuwar kanta ba wanda ya ninka ta.

Sagir Mai Tirela: Salam. Malamai ni direban babbar mota ne, kusan kullum ina kan hanya, Ramadan ko ba Ramadan ba. Tunda tafiyata ba ta ƙarewa, ba zan iya bin hukuncin mai ciwon da ba ya warkewa ba, in riƙa ciyarwa kawai?

Malam Habibu: A'a Malam Sagir, tafiya ba ta taɓa mayar da azumi ya koma fidiya, komai tsawonta. Dalili kuwa, matafiyi yana da ikon yin azumi, sauƙi ne aka yi masa. Mai ciwon da ba ya warkewa ikon ne babu. Kana da hanya biyu. Ko ka yi azumin a kan hanya ranakun da ba za ka galabaita ba, azuminka ya inganta, a wurin mafi yawan malamai ma shi ya fi ga wanda ba zai wahala ba. Ko ka sha, ka rubuta adadin, ka rama a ranakun da kake gida ko lokacin da rana ta fi gajarta. Ramuwa ba sai a jere ba, yau ɗaya, mako mai zuwa biyu, duk ta yi. Ka lura kuma, ranar da ka kwana a garinku alfijir ya keto kana gida, ba ka da izinin wayar gari a buɗe don kawai kana da niyyar tashi da hantsi. In kuma yunwa da ƙishi za su sa ka gyangyaɗi a kan sitiyari, shan ya fi, rayukan mutane ne a hannunka.

Dakta Maryam: Bari in sa baki ta ɓangaren jinya, domin kalmar "ciwon da ba ya warkewa" ana faɗaɗa ta fiye da kima. Ciwo ya zama na dindindin daban, ya hana azumi dindindin daban. Hawan jini ba ya warkewa, amma da yawa daga masu shi suna azumi lafiya idan an daidaita musu lokacin shan magani zuwa sahur da buɗa-baki. Masu ciwon suga ma ba ɗaya suke ba. Wanda ke kan ƙwaya kuma sugansa a daidaice yake, sau da yawa yana iyawa da kulawar likita. Wanda ke allurar insulin sau da yawa a rana, sugansa yana yawan faɗuwa, ko ƙodarsa ta taɓu, wannan azumi haɗari ne gare shi. Gyambon ciki kuwa, wanda mutane suka fi fakewa da shi, yawancinsa ana maganinsa ya warke, don haka mai shi ramuwa ce a kansa bayan ya samu sauƙi.

Tambayar da ya kamata a yi wa likita ba "ciwon nan yana warkewa?" ba ce. A tambaye shi, "Akwai lokacin da kake ganin zan iya wuni ba ci ba sha ba tare da cutuwa ba, ko da nan da shekara ne, ko da rana ɗai-ɗai ne a lokacin sanyi?" In ya ce akwai, to jira za a yi. In ya ce babu, sannan a koma maganar ciyarwa.

Malam Habibu: Madalla, Dakta. Abin da kika faɗa malaman fiƙihu sun faɗe shi da nasu harshen: wanda ba ya iya azumi a lokacin zafi amma yana iyawa a wani lokaci na shekara, ya jira wannan lokacin ya rama, fidiya ba ta isar masa. Kuma wanda jinyarsa ta zarce daga wannan Ramadan zuwa wancan, ana dai sa ran sauƙi, ba ya ciyar da komai. Bashin yana taruwa ne kawai, ranar da ya warke ya fara biya a hankali. Mutane da yawa suna fitar da abinci a irin wannan hali don zuciyarsu ta natsu. Sadaka ce mai lada, amma ba ta rage ko kwana ɗaya ba.

Hajiya Balaraba: To Malam, ga mahaifiya mai shekara 80 da wani abu, hankalinta garau, amma ko zuwa Azahar ba ta iya kaiwa. Nawa za a fitar mata, kuma yaushe?

Malam Habibu: Wannan ita ce ainihin mai fidiya. Ibn Abbas ya fassara "wa alal lazina yuɗiƙunahu fidyatun ɗa'amu miskin" da tsoho da tsohuwar da ba sa iya azumi, su ciyar da miskini a madadin kowace rana. Anas ɗan Malik ma da ya tsufa haka ya yi, shekara ɗaya ko biyu yana ciyar da miskinai gurasa da nama. Mafi yawan malamai sun ce wajibi ce, Malikawa suka ce mustahabbi ce, don a ganinsu wanda ba shi da iko azumin bai hau kansa ba tun asali balle a nemi madadinsa.

Adadi kuma, Malikawa da Shafi'awa mudu ɗaya kowace rana. Hanafawa rabin sa'i na alkama, wato mudu 2, ko cikakken sa'i na dabino ko sha'ir. Hambalawa mudu ɗaya in alkama ce, rabin sa'i in wani abincin ne, kuma rabin sa'in nan shi ne ake ƙiyastawa da kusan kilo ɗaya da rabi. Idan wata ya yi 30, a lissafin mudu ɗaya mudu 30 ne, wato sa'i 7 da rabi. A lissafin rabin sa'i kuwa sa'i 15 ne, kusan kilo 45. In watan 29 ya yi, 29 za a lissafa.

Lokaci mafi aminci shi ne a bayar kullum da ranarta, ko a bari sai ƙarshen wata a haɗa. Kafin Ramadan ya kama ba a bayarwa. Bayar da ta wata guda a ranar farko Hanafawa sun yarda, Shafi'awa ba su yarda ba. Daga dukiyarta ake fitarwa, in 'ya'ya za su biya mata su sanar da ita ta yarda, saboda ibada ce mai buƙatar niyya. In ba ta da shi kuma ba mai biya mata, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Na ji daɗi da kika ce hankalinta garau. Tsohon da ruɗewa ta kama, ba ya gane mutane, ba ya sanin Ramadan ne ko ba Ramadan ba, an ɗauke masa alƙalami, babu azumi babu fidiya.

Abdulhadi: Kuɗi fa, Malam? Yawancin mutane yanzu kuɗi suke turawa.

Ummu Khalil: Hanafawa ne suka halatta ba da ƙima, sauran ukun abinci suka ce. Amma a bambance abu biyu. Ka danƙa wa miskini kuɗi a hannunsa, wannan shi ne wurin saɓani. Ka ba wani amintacce kuɗi ya sayi abinci ya raba a madadinka, wannan wakilci ne, ba matsala a wurin kowa, da sharaɗin ka gaya masa adadin kwanakin kuma abincin ya isa hannun miskinai, ba teburin buɗa-bakin da mai hali da maras hali ke zama a kai ba.

Nura Ɗan'azumi: Wanda ya rasu da bashin azumi fa? Ai hadisi ya ce waliyyinsa ya yi masa.

Malam Habibu: A fara duba ko bashin ya tabbata. Wanda ya kwanta a Ramadan, ciwon bai sake shi ba har ya rasu a Shawwal ko bayansa, ba a binsa komai, ba azumi ba ciyarwa, don bai riski "wasu kwanakin" da aka ce ya rama a cikinsu ba. Wanda ya warke ya samu dama bai rama ba, shi ne ake magana a kansa. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, daga Nana A'isha, kuma manyan malaman Shafi'awa irin su Nawawi sun yi aiki da shi a kan kowane azumin wajibi. Imam Ahmad ya taƙaita shi ga azumin bakance, na Ramadan ya ce a ciyar. Malik da Abu Hanifa suka ce ba mai yi wa wani azumi, ciyarwa ce, kuma tana zama dole a kan magada ne idan ya bar wasiyya, a fitar daga sulusin dukiyarsa.

Dakta Maryam: Malam, ga wadda nake haɗuwa da ita a wurin aiki. Mai wankin ƙoda da aka ce masa ba zai ƙara azumi ba, ya yi shekara 4 yana fidiya, sai aka yi masa dashe, bayan wani lokaci likitansa ya ce zai iya gwadawa. Shekarun nan huɗu sun dawo kansa?

Malam Habibu: Shafi'awa da Hambalawa sun ce ba su dawo ba. Lokacin da ya ciyar, ciyarwar ce aka neme shi da ita, ya kuma sauke, sai ya fuskanci azumin da ke gabansa. Hanafawa sun ce sharaɗin fidiya shi ne gazawar ta zarce har mutuwa, tunda iko ya dawo, abin da ya bayar ya zama sadaka, ramuwa ta hau kansa. Kwana kusan 120 ke nan ga mutumin da ke rayuwa da ƙoda ɗaya ta dashe, yana shan magani a kan ƙa'idar lokaci. Ni na fi karkata ga maganar farko.

Ummu Khalil: Ni kuma ina da ja a nan, Malam. Idan likitocin tun farko sun san dashe mai yiwuwa ne, suna ma neman mai ba da ƙodar, anya za a kira wannan ciwon da aka yanke ƙauna da shi? Ina ganin wanda ke jiran dashe da wanda aka ce masa jikinsa ba zai ɗauki aikin ba, ba hukuncinsu ɗaya ba.

Malam Habibu: Bambancin da kika kawo yana da ƙarfi, Malama, ba zan ture shi ba. Sai dai jiran da ba a san ranarsa ba, wanda da yawa ke rasuwa a cikinsa, ban iya ce masa sa ran warkewa kai tsaye. Irin wannan ba a yanke shi da jimla ɗaya ga kowa. A kai wa malamin da zai zauna da maras lafiyar, ya ji ainihin abin da likita ya gaya masa a shekarar da ya fara ciyarwa, ko cewa aka yi "ba za ka ƙara iyawa ba", ko "ba za ka iya ba sai an yi dashe".